Ƙarin wa'adi: kafin malami ya ce e ko a'a, ya fara ƙirga kwanakinsa

Duk ƙarshen zangon karatu, idan ranar miƙa maki ta matso, akwai maganganu biyu da ke yawo a bakin malaman jami'a, kuma dukkansu suna damuna. Wani zai ce, "Ni ba na ƙara wa kowa ko minti ɗaya, wanda bai kawo ba sifili ne." Wani kuma ɗalibi zai tare shi a bakin ofis ya ce, "Malam, don Allah a taimaka mini da kwana biyu," sai ya ce, "Ba komai, kawo idan ka gama," ya wuce abinsa ba tare da ya rubuta a ko'ina ba.

Ana ganin na farko mai tsauri ne, na biyu mai tausayi. A ganina laifinsu ɗaya ne: sun yanke hukunci ba su duba abin da ke gabansu ba. Ra'ayina shi ne malami ya keɓe zama guda a farkon makon ƙarshe, kafin ya ci gaba da duba ayyuka, ya tantance halin da kowane ɗalibi yake ciki, ya lissafa ranar ƙarshe da zai iya karɓar aiki ta hanyar ƙirgowa baya daga ranar miƙa maki, sannan ya amsa duk buƙatun ƙarin wa'adi lokaci guda, a rubuce, da ma'auni ɗaya. Wanda uzurinsa ya fi ƙarfin wannan ranar, ba sifili ne haƙƙinsa ba. A rubuta cewa bai kammala ba, a bi hanyar da makaranta ta tanada.

"Bai kawo ba" ba hali ɗaya ba ne

Mu ɗauki misali. Aji mai ɗalibai 120, wa'adin miƙa aiki ya cika ranar Laraba da ƙarfe 12 na rana, kuma sashe yana jiran maki ranar Juma'ar mako mai zuwa, shi ma da ƙarfe 12. Ranar Litinin da safe malami ya buɗe jerin sunaye. Idan ya duba da kyau zai ga mutum 96 sun miƙa a kan lokaci, 7 sun miƙa a makare, 5 sun ɗora fayil amma ba su kammala miƙawa ba, 3 fayilinsu ba ya buɗuwa, 9 kuma babu komai a gaban sunansu.

Malamin da ke sauri zai haɗa waɗannan 17 na ƙarshe a kwando ɗaya. Nan ne zalunci yake farawa, domin matsalarsu ba iri ɗaya ba ce.

Mutum biyar ɗin nan da suka ɗora fayil su ne aka fi cuta. A manhajar Moodle, wadda ɗalibai ke miƙa ayyuka ta cikinta, idan an saita cewa sai ɗalibi ya danna maɓallin miƙawa, wanda ya ɗora fayil ya fita ba tare da ya danna ba, za a ga `Draft (not submitted)` a gaban sunansa maimakon `Submitted for grading`. Shi a ransa ya gama, har ya manta da zancen. Abin da malami zai duba shi ne lokacin da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe. Idan kafin wa'adi ne, aikin ya iso a kan lokaci, a duba shi kamar na kowa, ba ragin maki. Idan kuma an ci gaba da sauya shi bayan wa'adi, to ya shiga sahun masu makara.

Masu fayil da ba ya buɗuwa sun fi wuyar sha'ani, domin akwai wanda da gaske fayil ɗin ya lalace wajen ɗorawa, akwai kuma wanda da gangan ya ɗora abin da ba zai buɗu ba don ya sami kwanaki. Malami ba zai iya shiga zuciyar mutum ba, amma zai iya rufe ƙofar wayo: ya aika saƙo yau, ya ce a turo fayil mai buɗuwa cikin awa 24. Wanda ya riga ya gama aikinsa, awa 24 ta ishe shi har da saura. Wanda bai rubuta komai ba, ba za ta ishe shi ya ƙirƙiro aikin mako uku ba. Girman fayil ma yakan ba da haske, domin fayil da girmansa sifili ne alama ce cewa ɗorawar ba ta kammala ba. Amma wannan duka sai an buɗe kowane fayil ranar Litinin, ko da ba za a karanta shi ba. Wanda ya bari sai daren Alhamis ya gano fayil ba ya buɗuwa, ba shi da awa 24 da zai bayar.

Su kuma tara da babu komai a gabansu, kafin a yanke musu hukunci a duba abu biyu. Na farko, akwatin imel, har da inda saƙonnin banza suke taruwa, domin ɗalibin da shafin miƙa aiki ya rufe masa yakan turo ta can. Na biyu, jerin rajista na yanzu, domin wani ya ajiye kwas ɗin tun tsakiyar zango, sunansa ne kawai ya rage.

Ranar ƙarshe ba daga tausayi take fitowa ba

Wannan shi ne sashen da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin maganata. Ɗalibi zai nemi kwana biyar, wani mako biyu, malami ya riƙa auna buƙatar da girman uzurin. Amma kafin uzuri akwai tambayar da lissafi ne kawai ke amsa ta: wace rana ce ta ƙarshe da aiki zai iso hannuna, in duba shi da idon basira, ya bi duk matakan da sauran suka bi, ya shiga cikin maki a kan lokaci?

Mu koma misalinmu. A ce duba aiki ɗaya da rubuta masa gyara yana cin minti 15. Malamin da ke da sauran hidimomi, idan ya sami awa 6 na duba aiki a rana ya yi ƙoƙari, wato aiki 24. Ya duba 48 ranakun Alhamis da Juma'ar da suka wuce. Saura 48 na waɗanda suka zo a kan lokaci, da 7 na masu makara, jimla 55.

Yanzu a ƙirgo baya. Safiyar Juma'a ta shigar da maki ce da tantance su, ba a duba sabon aiki a cikinta. Alhamis ta malami na biyu ce, wanda zai ɗauki samfuri ya sake dubawa, ya ga waɗanda suka faɗi da waɗanda ke kan iyaka, a daidaita idan an sami saɓani. Saboda haka duk wani duba aiki dole ya ƙare ranar Laraba. Litinin da Talata za su cinye 48. Safiyar Laraba za ta ɗauki 7 ɗin da suka rage, wato awa ɗaya da minti 45. Idan duk 17 ɗin nan suka iso, suna bukatar awa 4 da minti 15, kuma yammacin Laraba ne kawai ya rage musu.

Ranar ƙarshe ta fito da kanta: Laraba, ƙarfe 12 na rana, kwana bakwai cif bayan wa'adin farko. Wannan ita ce iyakar abin da malami ya mallaka. Duk alƙawarin da ya wuce ta, ya yi kyauta ne da lokacin da ba nasa ba, na malami na biyu ne da na jami'in jarrabawa da na ɗalibai sama da ɗari da ke jiran sakamako.

Abin da ke faruwa idan aka ce "kawo ranar Alhamis da dare" sananne ne. Aikin zai sami minti huɗu maimakon 15, ba wanda zai sake duba shi, idan akwai alamar kwafe babu lokacin bincike, kuma makin da aka ba shi hasashe ne. Wani lokaci hasashen ya fi abin da ɗalibin ya cancanta, wani lokaci ya gaza. Ko ta wace fuska, ba a yi masa abin da aka yi wa abokan karatunsa ba.

Auna uzuri

Cikin taran nan, a ce shida sun nemi ƙari. Tambayoyi uku sun isa a auna kowannensu. Shin abin da ya faru ya fi ƙarfin ɗalibin? Shin ya faɗo ne cikin kwanakin da ake aikin, dab da wa'adi? Kwana nawa ya cinye masa? Amsar ta uku ita ce tsawon ƙarin, matuƙar bai tsallake Laraba ba.

Ɗalibar da aka kwantar a asibiti kwana huɗu ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, uzurinta a fili yake. An sallame ta, tana iya aiki, a ba ta har Laraba. Wanda aka yi wa rasuwa a gida a wannan makon, haka nan, kuma ban ga dalilin da zai sa a tsare shi da neman takarda kafin a ba shi kwanaki kaɗan ba.

Wanda ya ce kwamfutarsa ta mutu, ba a ƙaryata shi ba a kuma gaskata shi nan take. A ce ya turo duk abin da ke hannunsa yau: daftarin da ya taɓa tura wa kansa, hoton rubutun hannu, jerin littattafan da ya karanta. Idan akwai alamar an yi aiki, awa 48 ta dace. Idan babu ko layi ɗaya bayan mako uku da ba da aikin, matsalar ta girmi kwamfutar.

Wanda ya ce ayyuka uku suka haɗe masa a mako ɗaya, gaskiya ya faɗa, amma ya san ranakun tun farkon zango, kuma sauran ajin ma haka suka haɗe musu. Ba a ba shi ƙari, sai dai kada a rufe masa ƙofa: ya kawo a makare, a rage masa maki bisa ƙa'idar da aka sanar. Idan kuma rabin aji ne ke wannan kukan, to laifin tsarin sashe ne, kuma gyaransa shi ne a ɗaga wa kowa wa'adi, ba wa wanda ya iya roƙo kaɗai ba.

Sai wanda har yanzu yana kwance, likita ya ce sai bayan mako biyu. Uzurinsa ya fi na kowa ƙarfi, kuma shi ne wanda ƙarin wa'adi ba zai yi wa amfani ba. A ba shi har Laraba tamkar an ce masa ya rubuta aiki daga kan gadon jinya ne. Nasa shi ne a shigar da alamar rashin kammalawa, a sanar da jami'in jarrabawa da shugaban sashe a rubuce, a sa masa sabuwar rana bayan an miƙa makin sauran.

Sifili, gurbi, da rashin kammalawa

Mutane suna ɗaukar wannan ƙaramin abu, alhali a nan ne ɗalibi yake faɗuwa ko ya haye bisa kuskure. A ce aikin yana da kashi 30 na kwas, jarrabawa tana da 70, makin hayewa kuma 40. Ɗalibi ya ci 55 cikin 100 a jarrabawa, wato ya tara 38.5. Idan aka sa masa sifili a aikin, ya tsaya a 38.5, ya faɗi kwas ɗin da maki ɗaya da rabi. Idan ya kawo aikin da ya cancanci 62, ya makara kwana biyu, aka rage maki 5 kowace rana, ya koma 52, wanda zai ba shi 15.6, jimla 54.1. Tazarar da ke tsakanin ragin makara da sifili ita ce tazarar da ke tsakanin hayewa da maimaita kwas. Shi ya sa nake ganin ƙa'idar "minti ɗaya, sifili" horo ne da ya fi laifin girma nesa ba kusa ba.

Barin gurbin babu komai ma yana da nasa haɗarin. A Moodle akwai saitin `Exclude empty grades`, wanda idan yana kunne ba ya lissafa gurbin da ba a cike ba. Ɗalibin nan da bai kawo komai ba zai iya bayyana da 55, kamar jarrabawa ce kwas ɗin gaba ɗaya. A Excel kuma `SUM` yana ɗaukar gurbi tamkar sifili, `AVERAGE` yana tsallake shi. Wato gurbi ɗaya zai iya kayar da mara lafiya a wannan takarda, ya hayar da wanda bai yi aiki ba a waccan. Kafin a shigar da alamar rashin kammalawa a miƙa maki, a ƙirga guraben:

```
=COUNTBLANK(D2:D121)
```

Adadin da ya fito dole ya yi daidai da adadin mutanen da aka amince ba su kammala ba, kuma malami ya iya kiran sunan kowannensu. Wanda bai kawo ba, bai nemi ƙari ba, aka tuntuɓe shi bai amsa ba, shi ne ake rubuta wa sifili da hannu, da gangan.

"Ai an cuci waɗanda suka kawo a kan lokaci"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu tsauri suke da ita, kuma ban raina ta ba. Akwai ɗalibin da ya hana idonsa barci ya miƙa aiki da ƙarfe 11 da rabi, ya san da an ba shi kwana uku da ya fi haka kyau. Idan ya ga wani ya sami kwanakin don kawai ya iya magana, yana da gaskiya ya ji haushi.

Amma ƙarin da aka auna da kwanakin da uzuri ya cinye ba fifiko ba ne, mayar wa mutum ne da abin da ya rasa. Wadda ta yi kwana huɗu a asibiti ba ta fi kowa yawan kwanakin aiki ba. Cutar tana shigowa ne ta wasu ƙofofi biyu. Ɗaya ita ce a ba wanda ya tare malami a hanya, a hana wanda ya turo imel ya yi shiru yana jira, ko wadda kunya ta hana ta faɗin abin da ya same ta. Maganinta shi ne zama guda da ma'auni guda, da sanarwa ga dukan aji cewa ga yadda ake nema, ga ranar rufewa. Ɗaya ƙofar kuma ita ce malami ya saki maki da gyare-gyare ranar Litinin alhali wasu suna da har Laraba. Waɗannan za su karɓi aikin abokansu da aka gyara, su ga abin da malami yake nema. A riƙe sakamakon kowa har sai aikin ƙarshe ya shigo.

"Ɗalibai ƙarya suke yi"

Wasu suna yi, babu musu. Sai dai a duba ribar da maƙaryaci yake samu a tsarin da na bayyana: kwana biyu ko uku, a kan aikin da za a duba da ma'aunin kowa. A duba kuma asarar mai gaskiya idan aka ƙi shi: kwas gaba ɗaya. Saboda haka neman shaida ya kamata ya bi girman abin da ake nema. Ƙarin kwana biyu, bayanin ɗalibi a rubuce ya wadatar, kuma akwai jami'o'in da suka mayar da wannan ƙa'ida ga gajeren ƙari. Ɗage aiki zuwa bayan miƙa maki kuwa yana bukatar takarda, kuma ofishin da aka ɗora wa wannan nauyi ne ya kamata ya gan ta. Malami ba likita ba ne, ba kuma aikinsa ba ne ya tambayi ɗaliba irin ciwon da ke damunta.

Rubutawa ita ce ke kama mai yawan uzuri. Idan kowane malami yana ajiye bayanin wanda ya nema da abin da aka ba shi, sashe zai ga sunan da ke fitowa a kwas huɗu kowane zango. Wannan ɗalibin ko dai yana wasa da hankalin mutane, ko yana cikin wata matsala babba da ƙarin kwana biyu ba zai warware ba. A duka biyun, zama da shi ake bukata.

"Ina lokacin duk wannan?"

Zaman da nake magana a kai bai wuce awa ɗaya da rabi ba: buɗe fayiloli a tabbatar suna buɗuwa, tace jerin sunaye, karanta buƙatu shida, aika amsoshi. A tsarin misalinmu awannin duba aiki sun cika maƙil, don haka wannan zaman ƙari ne a kan aikin Litinin, ban ɓoye ba. Amma a kwatanta shi da gyaran maki bayan an miƙa: cike takardar canji, sa hannun shugaban sashe, jiran kwamiti, da ɗalibin da sakamakonsa ya maƙale, wataƙila har ya kasa yin rajistar kwas na gaba.

Amsar da za a aika ma gajera ce, amma ta ƙunshi abu huɗu: an amince ko ba a amince ba, rana da ƙarfe nawa, ta ina za a miƙa, da abin da zai biyo baya idan ranar ta wuce. "Ka kawo zuwa Laraba" ba amsa ba ce, domin malami yana nufin tsakar rana, ɗalibi yana nufin tsakar dare.

Kuma a shigar da ƙarin cikin manhaja a wannan zaman, ba daga baya ba. A Moodle ana zaɓar sunan ɗalibin a jerin ayyuka a danna `Grant extension` a sa sabuwar rana. Idan aka amince ta imel kawai aka manta da wannan, abu biyu ke faruwa: ko `Cut-off date` ya riga ya wuce, ɗalibin ya zo miƙawa ya tarar shafin a rufe, ko aikinsa ya shiga da alamar makara, malami na biyu da bai san da zancen ba ya rage masa maki 35 na kwana bakwai.

Saura mutum ukun nan da ba su kawo ba, ba su ce komai ba. Su ma a aika musu saƙo ɗaya ranar Litinin, a gaya musu cewa ba a ga aikinsu ba, cewa ƙofa tana rufewa Laraba da ƙarfe 12, da inda za su kai bayani idan wani abu ne ya same su. Sau da yawa ɗalibin da ya fi kowa shiga uku shi ne wanda ba ya iya rubuta imel ɗin neman ƙari. A ajiye kwafin saƙon tare da takardar maki, a kuma ba jami'in jarrabawa sunayen ukun ranar Juma'a, da bayanin wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.